Bidiyon waya ya buɗe a sabuwar laftof, ya ƙi buɗewa a tsohuwa: dalili da gyara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin Islamiyya ne a Tudun Wada, Gusau. Na ɗauki bidiyon walimar saukar ɗalibanmu da iPhone 12, tsawonsa minti 18, girmansa gigabait 3 da ɗoriya. A sabuwar laftof ɗin ƙanena yana buɗewa lafiya lau. A tsohuwar laftof ɗin makaranta, Core i5 mai Windows 10, sai dai murya babu hoto, wani lokaci ta rubuto 0xc00d5212. Abin mamaki, guntun da na tura ta WhatsApp yana buɗewa a cikinta. Ranar Asabar muke son haska wa iyaye da majigi. Wani ya ce a yi mata fomatin, wani ya ce a ƙara mata RAM. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya sanya wa karatun yaran albarka. Kada a yi fomatin, kada kuma a sayi RAM saboda wannan. Laftof ɗin lafiyarta ƙalau, bidiyon ma lafiyarsa ƙalau tunda wata kwamfutar ta buɗe shi. Wayarka ta rubuta hoton ne da wani salo da ake kira HEVC, wanda tsohuwar laftof ɗin ba ta san shi ba. Maganin da zai fisshe ka ranar Asabar shi ne a mayar da bidiyon salon H.264 a kan laftof ɗin ƙanenka, sannan a kawo sabon kwafin makaranta. Amma gara ka fahimci dalilin tukuna, domin matsala biyu ce a haɗe, kuma mutane da yawa sukan warware ɗaya su zaci sun gama.

Fayil ɗin bidiyo kamar ambulan ne. Haruffan da kake gani a ƙarshen sunansa, .mp4 ko .MOV, sunan ambulan ɗin ne kawai. A ciki akwai takarda biyu, ɗaya ta hoto, ɗaya ta murya, kuma kowace da irin rubutun da aka yi ta da shi. Ambulan biyu za su iya zama iri ɗaya sak a waje, amma wasiƙar cikin wannan da boko, ta cikin wancan da ajami. Wanda boko kaɗai ya iya zai buɗe ambulan ɗin biyu ba wahala, sai dai ɗaya zai karanta. Wannan salon rubutun shi masu aikin suke kira kodek. Muryar bidiyonka an rubuta ta da AAC, wanda kusan kowace kwamfuta ta iya, shi ya sa kake jin ƙira'ar yara da kabbarar mutane. Takardar hoton ce ta gagare ta. Lambar nan 0xc00d5212 ma abin da take nufi ke nan: manhajar ta buɗe fayil, ta tarar da kodek ɗin da ba ta da shi.

Daga nan za ka ga abin da ya sa canza sunan fayil daga .MOV zuwa .mp4 ba ya amfana komai. An sauya rubutun bayan ambulan ne, wasiƙar tana nan yadda take.

Dole ce ta sa ake irin wannan rubutun. Hoto ɗaya na 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato ɗigo miliyan 2 da 'yan kai, kuma waya tana ɗaukar irinsa 30 a kowace daƙiƙa. Da za a ajiye su yadda suke, minti ɗaya zai haura gigabait 5. Sai kodek ya yi dabara: ya ajiye cikakken hoto ɗaya, a hotunan da ke biye kuma ya rubuta abin da ya canza kawai. Bangon aji bai motsa ba, tabarma ba ta motsa ba, bakin mai karatu da hannunsa ne suka motsa, to su kaɗai za a sake rubutawa. H.264 ya fito a 2003, kuma shi ne wanda duniya ta saba da shi, har talabijin mai cin filash da ƙananan wayoyi sun iya shi. HEVC, wanda kuma ake kira H.265, ya fito a 2013. Yana matse bidiyo zuwa kusan rabin girman da H.264 zai ba ka a kyau iri ɗaya. A iPhone, minti ɗaya na 1080p mai hoto 30 a daƙiƙa yakan ci kimanin megabait 60 da HEVC, alhali da H.264 kimanin 130 ne. Wannan ribar ce ta sa tun 2017, daga iOS 11, iPhone 7 da waɗanda suka biyo bayanta suke ɗauka da HEVC in ba kai ka hana su ba. Wayoyin Android da yawa ma sun bi sahu. Sai dai ribar tana da kuɗinta: kulli mai tsauri, kwancewa mai wuya. Warware HEVC yana buƙatar lissafi mai nauyi fiye da na H.264 nesa ba kusa ba.

Guntun WhatsApp ɗin da ya ba ka mamaki shi ne ma babbar shaida. Idan ka tura bidiyo ta hanyar da aka saba, WhatsApp yana sake rubuta shi da H.264, ya rage masa girma da kyau don kada ya cinye data. Ashe ba bidiyo ɗaya ba ne ka gwada, biyu ne masu kama da juna. Da ka tura shi a matsayin Document, ko ta Xender, da ya isa yadda yake, kuma da ya ƙi buɗewa kamar na asalin.

Yanzu ga matsalar farko, ta manhaja. HEVC yana da kuɗin lasisi da ake biyan masu haƙƙin ƙirƙirarsa, saboda haka Windows 10 ba ta zuwa da shi a cikinta. Ana sayar da shi daban a Microsoft Store da sunan HEVC Video Extensions, a kan dala 0.99. Sabbin laftof da yawa kamfanin da ya ƙera su ya riga ya saka musu shi, shi ya sa ƙanenka bai taɓa sanin akwai wani abu mai wannan suna ba. Tsofaffin laftof da ake saya a kasuwa kuwa galibi an sake zuba musu Windows tsurarta, ba wannan ƙarin a ciki. Ka ga ke nan fomatin ba zai kawo shi ba, sai dai ma ya tafi da takardun makaranta in ba a yi hattara ba.

Matsala ta biyu ita ce ta ƙarfe, kuma ita ce wadda ba ta gyaruwa da saukar da wani abu. A cikin furosesar sabbin laftof akwai wani ɗan sashe da aka ƙera musamman don warware bidiyo. Aikinsa ke nan, yana yinsa a guje, ba zafi, ba cin baturi sosai. Amma kodek ɗin da aka gina shi da shi kawai ya iya, ba ya koyon sabo. Idan bai san kodek ɗin ba, sai aikin ya faɗa kan ainihin furosesa, ita kuma ta yi ta lissafi ɗigo bayan ɗigo. Bambancinsu kamar na gardin da ya haddace allonsa ne da ƙolon da ke haɗa baƙi. Dukansu za su kai ƙarshen allon, amma bidiyo ba ya jira: hoto 30 yake so a kowace daƙiƙa, wanda ya makara a zubar da shi.

A furosesar Intel, cikakken warware HEVC na yau da kullum a wannan sashen ya fara ne daga zubi na 6, na 2015. Mai zurfin launi, wato bit 10, sai daga zubi na 7. Kalmar Core i5 ita kaɗai ba ta gaya maka komai a nan, domin an fi shekara goma ana yin Core i5. Lambar da ke biye da ita ce abin dubawa. Ka shiga Settings, sai System, sai About, ka karanta layin Processor. In ka ga i5-3320M, adadin farko bayan layin, wato 3, shi ne zubin: na 3 ke nan, na 2012, an ƙera ta tun HEVC bai fito ba. i5-4300U zubi na 4 ne, i5-8250U na 8. Idan lambar mai adadi uku ce kawai, kamar i5-520M, zubi na farko ne. Ga alama ta makarantarku tana ƙasa da 6, ta ƙanenka kuma tana sama da 7.

Bidiyonka kuma ba ƙaramin kaya ba ne. Gigabait 3 da ɗoriya a minti 18 yana nufin kimanin megabait 170 zuwa sama a minti, wanda shi ne ma'aunin 4K mai hoto 30 a iPhone. Hoton 4K yana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, ninki huɗu na 1080p. Bayan haka iPhone 12 tana ɗaukar HDR, wato salon ajiye haske da launi a ma'auni mai faɗi, da kanta in ba a kashe shi ba, shi kuma bit 10 ne. Wato abu uku ne suka taru wa tsohuwar: kodek ɗin da sashenta bai sani ba, ɗigo ninki huɗu, da zurfin launi. Saboda haka ba na ba ka shawarar sayen ƙarin nan na Microsoft Store. Zai kawar da saƙon kuskuren, hoto ya bayyana, amma furosesa mai ƙwaƙwalwa biyu ta 2012 ba za ta iya jan 4K na bit 10 sumul ba.

Kafin ka yi komai, ka tabbatar da idonka. Ka saka VLC, manhajar kallon bidiyo, a tsohuwar laftof ɗin, kyauta ce, ka sauko da ita daga videolan.org, ba daga filash ɗin wani ba. VLC tana tafe da nata kodek a cikinta, ba ta dogara da na Windows ba. Ka buɗe bidiyon da ita, ka danna Ctrl da J tare, ko ka shiga Tools ka zaɓi Codec Information. A ƙarƙashin sashen da aka rubuta Video, layin Codec zai nuna ɗaya daga biyun nan:

```
MPEG-H Part2/HEVC (H.265)
H264 - MPEG-4 AVC (part 10)
```

Na saman shi nake sa ran za ka gani, tare da 3840x2160 a layin Video resolution. Ka bar bidiyon yana tafiya, ka danna Ctrl, Shift da Esc, ka duba CPU a shafin Performance na Task Manager. In ya manne a 100, fanka tana kuka, iska mai zafi tana fita ta gefe, hoton yana tsayawa yana tsalle, murya ta yi gaba ta bar leɓen mai karatu a baya, wani lokaci fuskar ta cika da toka-toka, to ka ga matsala ta biyu ƙuru-ƙuru. In kuwa ya tafi sumul, ka huta, VLC ta ishe ka. Hakan yakan faru da bidiyon 1080p, musamman idan laftof ɗin tana jone da caja, domin a kan baturi furosesa takan rage gudu. Ƙurar hunturu da ta toshe mafitar iska da zafin bazara ma suna rage mata gudu, kuma hure ƙurar yakan taimaka. Akwai kuma wani yanayi daban: hoton ya fito kore ko baƙi a VLC alhali CPU bai cika ba. Wannan rikici ne tsakanin VLC da tsohon direban allo, wato manhajar da ke sarrafa allon. Sai ka shiga Tools, Preferences, Input / Codecs, ka mayar da Hardware-accelerated decoding zuwa Disable, ka rufe VLC ka sake buɗewa.

Abu ɗaya ne zai iya rushe duk wannan bayanin, shi ne idan kwafin da ke kan tsohuwar laftof ɗin bai cika ba. Ka danna dama a kan fayil ɗin a kwamfutocin biyu, ka zaɓi Properties, ka kwatanta layin Size, adadin bait ɗin da ke cikin baka, har zuwa lambar ƙarshe. Dole su zo daidai. Bidiyon waya yana da wani jadawali da ke nuna wa manhaja inda kowane hoto yake, kuma galibi a ƙarshen fayil ake rubuta shi. In aka zare filash kafin kwafi ya ƙare, ko wuta ta ɗauke, jadawalin ya tafi, babu manhajar da za ta buɗe shi, ko VLC. Haka filash na jabu, wanda aka rubuta masa gigabait 64 alhali cikinsa bai kai haka ba: zai nuna ya karɓi kayan, amma abin da ya wuce ainihin cikinsa ya salwanta. Filash mai tsarin FAT32 kuma ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya haura gigabait 4, sai an mayar da shi exFAT ko NTFS. Naka bai kai nan ba, kuma tunda murya tana fita daga farko har ƙarshe, da wuya wannan ce matsalarka. Duk da haka dubawar ba ta cin minti ɗaya.

To, ga aikin kansa. A kan laftof ɗin ƙanenka za a yi shi, ba a tsohuwar ba. Sauya kodek ya fi kallon bidiyo nauyi, domin sai an warware kowane hoto sannan a sake ɗaure shi, kuma abin da sabuwar za ta gama cikin ƙasa da awa ɗaya ko makamancin haka, tsohuwar za ta iya kwashe awanni tana yi. Manhajar da nake ba da shawara ita ce HandBrake, kyauta ce, ba ta buga tambarinta a kan hoto, ana samunta a handbrake.fr. Sabbin fitowarta suna buƙatar Windows 10 ko 11, kuma a karon farko za ta iya neman ka saka .NET Desktop Runtime. Ka amince, na Microsoft ne. Ka guji manhajojin sauya bidiyo da ake cewa an fasa makullinsu, da tarin kodek daga shafukan da ba ka sani ba, ta nan ƙwayoyin cuta suka fi shiga kwamfuta. Shafukan da ke sauyawa a intanet ma ba su dace da kai ba: sai ka ɗora gigabait 3 da datarka, kuma ka miƙa hoton 'ya'yan mutane ga wanda ba ka sani ba.

Ka kwafe bidiyon daga filash zuwa cikin laftof ɗin tukuna, ka jona caja, ka hana ta barci a Settings, domin in ta yi barci aikin yana tsayawa. Ka buɗe HandBrake, ka ja fayil ɗin ka sake shi a tsakiyarta. A Preset ka zaɓi Fast 1080p30 da ke ƙarƙashin General. Wannan zaɓin shi kaɗai ya yi yawancin aikin: ya rage 4K zuwa 1080p, ya sa H.264, ya sa murya AAC. A shafin Summary ka tabbatar Format yana kan MP4.

Wurare biyu ne ake yin tuntuɓe, kuma su nake so ka natsu a kansu.

Na farko a shafin Video yake. Layin Video Encoder ya kasance H.264 (x264) zalla. A cikin jerin akwai wani mai kama da shi, H.264 10-Bit (x264). Sunan yana ruɗi, mutum ya ga H.264 ya ce ai shi ne, ga kuma 10 ta fi 8. Amma sashen warware bidiyo na tsofaffin kwamfutoci, da talabijin, da yawancin manhajojin Windows, H.264 na bit 8 kawai suka iya. In ka zaɓi na bit 10, za ka ɓata awa guda ka fito da fayil ɗin da shi ma zai ƙi buɗewa. A wannan shafin dai, ka bar Framerate a 30, ka zaɓi Constant Framerate. Waya takan sauya yawan hotunan da take ɗauka a daƙiƙa gwargwadon haske, kuma wannan sauyin yakan sa murya da hoto su rabu a wasu tsofaffin manhajoji, musamman in daga baya za a yanka bidiyon. Lambar RF ka bar ta a 22. Ita ce ma'aunin kyau, kuma a juye take aiki: ƙaramar lamba kyau da girman fayil, babbar lamba ƙaramin fayil da raguwar kyau. Tsakanin 20 da 23 ya dace da 1080p.

Na biyu shi ne launi, kuma shi ne wanda ake ganowa a makare. Bidiyon HDR yana ajiye haske da launi a wani ma'auni mai faɗi, wanda allon iPhone ya san yadda zai nuna. Idan aka sauya kodek kawai ba a sauya ma'aunin ba, bidiyon zai buɗe, amma ya fito a koɗe kamar an ɗauke shi cikin hazo: farar rigar ɗalibi ta zama ruwan toka, koren hijabi ya dushe, fuskoki su yi fari-fari. Maganinsa a shafin Filters yake. A layin Colourspace ka zaɓi BT.709, wanda shi ne ma'aunin launin talabijin da majigi na yau da kullum. Wannan yana ƙara wa aikin lokaci, amma ba makawa ga bidiyon HDR. In kana son sanin ko naka HDR ne, ka buɗe shi a Photos na wayar, za ka ga alamar HDR a kansa ko a cikin bayanansa.

Kada ka sa dukan minti 18 a karon farko. A sama, inda aka rubuta Range, ka canza Chapters zuwa Seconds, ka sa daga farko zuwa minti ɗaya. Ka ba fayil ɗin sabon suna a Save As, ka danna Start Encode. Ka kai wannan guntun makaranta a filash, ka buɗe shi a tsohuwar laftof ɗin, ka haɗa da majigin da za a yi amfani da shi, ka dubi launin tufafi da daidaiton baki da murya. In ya yi, ka dawo ka mayar da Range yadda yake, ka yi cikakken. Girman da zai fito ya danganta da yawan motsi da hasken wurin, amma ka sa ran abin da bai wuce gigabait ɗaya ko kusa da haka ba. Idan ka buɗe shi a tsohuwar ka duba Task Manager, za ka ga CPU ya sauka ƙasa sosai, domin yanzu aikin ya koma hannun sashen nan da ya iya H.264, wanda ko furosesar 2012 tana da shi.

Kada ka ji kamar an yi asarar kyau. Allon yawancin laftof na wancan zamanin 1366 ne da 768, majigin makarantu da yawa ma bai kai 1080p ba, don haka ɗigon 4K ba su da inda za su fito tun asali. Idan laftof ɗin ta fi yadda nake zato tsufa, har 1080p yana mata nauyi, ka zaɓi Fast 720p30, a bango ba wanda zai lura da bambanci. Wani abu kuma da ya shafi ranar: in da wayar VGA za ka haɗa majigi, mai shuɗin kai da kusoshi biyu, ba ta ɗaukar murya. Sai ka jona lasifika daga ramin abin sauraro na laftof ɗin. A walimar sauka kuwa muryar ce kan gaba.

Ga wanda ya saba da ffmpeg, wannan layin yana yin aikin ga bidiyon da ba HDR ba:

```
ffmpeg -i IMG_2041.MOV -vf scale=-2:1080 -c:v libx264 -crf 22 -pix_fmt yuv420p -c:a aac -b:a 160k walima.mp4
```

Sashen `-pix_fmt yuv420p` shi ne ke tilasta bit 8. In aka manta da shi kuma asalin bit 10 ne, sai a faɗa ramin da na ambata. Layin bai gyara launin HDR ba, shi ya sa a naka bidiyon HandBrake ta fi sauƙi.

Asalin fayil ɗin kada ka goge shi. Duk sauya kodek yana zubar da wani abu daga hoton, ko da ido bai gani ba, kuma ba a dawo da shi. Ka ajiye asalin a wuri biyu. Duk lokacin da ake buƙatar wani kwafi, ƙarami na tura wa iyaye a waya ko babba na talabijin, daga asalin za a ciro shi, ba daga kwafin da aka riga aka matse ba.

Saura wayar, don kada a maimaita a sauka ta gaba. A iPhone ka shiga Settings, Camera, Formats, ka zaɓi Most Compatible a maimakon High Efficiency. Daga nan za ta riƙa ɗaukar bidiyo da H.264, hotuna kuma da JPEG, waɗanda su ma tsohuwar laftof ɗin za ta buɗe ba gardama. A Record Video ka zaɓi 1080p mai hoto 30, ka tabbatar HDR Video a kashe yake. Bidiyo zai ci wuri kusan ninki biyu na HEVC a ma'auni ɗaya, amma 1080p na H.264 a megabait 130 a minti har yanzu bai kai 4K ɗin da kake ɗauka yanzu ba. Wannan canjin sabbin ɗauka kawai yake shafa, waɗanda ke cikin wayar suna nan da HEVC ɗinsu. 4K mai hoto 60 kuwa ba ya yiwuwa sai da High Efficiency, in ka zaɓe shi wayar za ta nemi komawa can.

Akwai wata gajeriyar hanya a saitin Photos, ƙarƙashin Transfer to Mac or PC. In yana kan Automatic, wayar tana sauya bidiyon da kanta lokacin da kake kwafewa ta kebul zuwa kwamfuta. Ga gajeren bidiyo tana aiki. Ga dogo irin naka takan yanke a tsakiya, Windows ta ce ba ta iya samun na'urar, ka tashi da rabin fayil. Ga manyan fayiloli gara ka sa Keep Originals, ka kwafe asalin lafiya, ka sauya da HandBrake.

In wani malamin zai ɗauka da Android, ya buɗe kyamara, ya shiga saitinta, ya nemi kalmar HEVC, ko H.265, ko High efficiency. A Samsung yana cikin Advanced video options, tare da maɓallin HDR. Ya kashe su, ko ya zaɓi H.264 inda aka ba da zaɓi. Ya ɗauki gwajin daƙiƙa 20, a buɗe shi a laftof ɗin makaranta tun ana saura kwana ɗaya ko biyu walima, a duba layin Codec a VLC a ga H264 a rubuce.